An gayyace ni wa'azi a ikilisiyar da ban taɓa shiga ba, me ya kamata in fara tambaya?

Ɗalibin_Tauhidi: Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwana. Ina neman shawara. Wani fasto da muka haɗu a taro ya gayyace ni in yi wa'azi a ikilisiyarsa ranar Lahadi, nan da mako biyu. Ban taɓa taka ƙafa a wurin ba, ban san kowa ba sai shi, kuma ɗariƙarmu ba ɗaya ba ce. Na tambaye shi nassin da yake so, ya ce in kawo duk abin da Ubangiji ya sa a zuciyata. Ina da wa'azi a kan ɗan da ya ɓata, Luka sura 15, na yi shi a ikilisiyarmu watan jiya kuma mutane sun karɓe shi sosai. Ya ɗauke ni minti 40. Tunanina shi ne in ɗauke shi in kai musu yadda yake. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Waɗanda suka saba fita wa'azi waje, me kuke bincikawa kafin ku je? Kuma ba zai zama rashin kunya ba in na dami faston da tambayoyi?

Wutar_Bishara: Ɗan'uwa, kada ka wahalar da kanka. Maganar Allah ɗaya ce a ko'ina. Ka yi addu'a da azumi ka tafi. Ubangiji da kansa ya ce kada mu damu da abin da za mu faɗa, za a ba mu a wannan sa'a. Ni na shiga wurare da yawa ban tambayi kowa komai ba, kuma Allah ya yi aiki.

Baba_Rabaran: Wutar_Bishara, ɗana, ka sake buɗe Matiyu 10 daga aya 17 zuwa 20. Maganar waɗanda aka kama aka kai gaban majalisa da mahukunta ake yi, mutanen da ba a ba su lokacin shiri ba. Wannan yaro an ba shi kwana 14.

Ɗalibi, tambaya ba rashin kunya ba ce. Na yi shekaru ina karɓar baƙin masu wa'azi, kuma wanda ya kira ni da tambayoyi shi ne nake barci da kyau a daren Asabar saboda shi. Wanda bai kira ba shi nake zullumi. Abin da za ka yi, ka aika masa saƙo ka ce kana roƙon minti 15 na waya a lokacin da ya dace da shi. Kada ka rubuta masa tambayoyi goma a saƙo, zai amsa biyu ya manta sauran. A waya kuma kana jin inda muryarsa ta tsaya, a nan ake gane abin da ke damunsa.

Ka fara da masu sauƙi. Minti nawa aka ba ka, kuma wannan lokacin ya haɗa da karatun nassi da addu'a ko wani ne zai yi su? Da wane harshe ake sujada, akwai mai fassara? Wace fassarar Littafi Mai Tsarki ce a hannun mutane? Me aka yi wa'azi a kai cikin makonni huɗu da suka wuce? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin in faston ya gama Luka 15 Lahadin da ta gabata, ka ga ka zo ko dai ka maimaita shi ko ka yi kamar kana gyara masa.

Sai ka tambayi abin da zai faru da zarar ka ce amin. Kai ne za ka yi addu'ar rufewa? Suna kiran mutane su fito gaba ko ba sa yi? Wa yake sa albarka? A wasu ɗariƙu wanda aka naɗa kaɗai ke ɗaga hannu ya sa albarka, kai kuwa ɗalibi ne.

Ka ajiye mai nauyin a ƙarshe, bayan ya saki jiki da kai: Baba, akwai abin da ya sami jama'ar nan kwanan nan da ya kamata in sani? Akwai maganar da kake so in guje mata? Ka yi tambayar sai ka yi shiru, ka bar shi ya cika wurin.

Mama_Zumunta: Baba ya faɗi gaskiya, amma zan ƙara abu ɗaya. Fasto yana ganin ikilisiya daga gaba ne. Mu da muke zaune a benci muna ganin ta daga wani gefe. In ka tambayi fasto bukatar mutanensa, sau da yawa abin da ke damunsa shi zai gaya maka: ba sa zuwa addu'ar tsakiyar mako, baiko ya ragu, suna makara. In ka tambayi shugabar mata za ta ce maka rabin matan nan mazansu ba sa zuwa sujada, ko kuma gwauraye sun fi goma. Wannan zai canza misalan da za ka kawo. Na taɓa zama a ƙarƙashin wani baƙo da ya yi kusan rabin awa yana cewa maigida ya tara iyalinsa da safe ya buɗe musu Littafi. Na duba bencin da nake, mu bakwai ne, biyu kaɗai ke da miji a gida. Maganarsa ba ƙarya ba ce, amma ta wuce ta kanmu. Ɗana, ka roƙi faston ya haɗa ka da mutum ɗaya ko biyu. Amma ta hannunsa, kada ka zagaya ta bayansa kana binciken ikilisiyarsa.

Sakataren_Ikilisiya: Ni ne nake riƙe agogo a wurinmu, bari in yi magana a kan lokaci. In an ce maka minti 30, ana nufin 30. Akwai dalilin da ba ka gani: sujada ta biyu na jira a ƙofa, malaman yara sun shirya darasin da zai ƙare a wani lokaci, akwai masu komawa aiki. Baƙo in ya zarce, ba mai iya tashi ya tsayar da shi don kunya, sai mu yanke waƙa, mu yanke sanarwa. Ka nemi a turo maka tsarin sujada a rubuce, ko na makon jiya ne. Takarda ɗaya ce amma za ta nuna maka inda sunanka zai faɗo, me ke gabanka, me ke bayanka. In suna ɗaukar sujadarsu a waya ko suna watsawa, ka saurari guda biyu daga farko har ƙarshe, ba wa'azin kaɗai ba.

Ɗan_Mawaƙa: Ina taya ka murna da sabon wurin aiki. Shawarata, wata shida na farko kada ka canza komai, musamman lokacin sujada da shugabannin ƙungiyoyi. Sabon faston da aka kawo mana ya rushe kwamitin mawaƙa a wata na biyu, har yau ba a gama gyara ba.

Ɗalibin_Tauhidi: Na gode ɗan'uwa, amma ba tura ni aka yi ba. Lahadi ɗaya ce kawai, in yi wa'azi in koma gida. Baba_Rabaran, na aika saƙon, ya ce in kira gobe da yamma.

Malamin_Lahadi: Kafin gobe, ga abin da nake koya wa ajinmu a kan wannan. Ka ɗauki wa'azin Bulus guda uku a Ayyukan Manzanni ka jera su. A sura 13, a majami'ar Antakiya ta Bisidiya, ya shiga ya zauna. Sai da aka karanta Attaura da Annabawa, shugabannin majami'a suka aika musu cewa in suna da maganar gargaɗi su faɗa, sannan ya tashi. Ya jira a ba shi fili. Ya fara daga fitowar Isra'ila daga Masar, ya bi ta kan Dawuda ya iso ga Yesu, domin mutanen sun san wannan tarihin. A sura 14, a Listira, babu Dawuda babu Musa. Ruwan sama da damina mai albarka da abinci ya yi musu magana a kai. A sura 17, a Atina, sai da ya zaga garin ya duba abubuwan da suke yi wa sujada, ya ga bagadin da aka rubuta wa allahn da ba a sani ba, daga nan ya fara, har ya kawo maganar mawaƙansu.

Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne Listira. Da aka warkar da gurgun, jama'a suka yi ta ihu da harshensu na Likoniya cewa alloli sun sauko. Yadda labarin ya zo, sai da firist ya kawo bijimai da furanni a ƙofa za a yi musu hadaya sannan Bulus da Barnaba suka keta tufafinsu suka ruga cikin taron. Mutum zai iya yin abu mai kyau, jama'a su fassara shi da abin da suka saba, shi bai ankara ba sai abu ya yi nisa.

Ka kuma duba wasiƙar Romawa. Bulus bai taɓa zuwa wurinsu ba lokacin da ya rubuta, amma a sura 16 ya gai da mutum fiye da 20 da sunayensu, kuma a sura 14 ya san suna da saɓani a kan abinci da ranaku.

Wutar_Bishara: Na ji Baba, na karɓi gyara a kan ayar. Amma ina nan a kan bakana a abu ɗaya. Yawan bincike yana sa mai wa'azi tsoro. Ka ji wannan ba a taɓa shi, wancan ba a faɗa, ƙarshe ka hau mumbari ka yi ta lallashi babu gishiri. Bulus ɗin da Malam ya kawo, a Atina ai ya faɗi tashin matattu, wasu suka yi masa ba'a, bai janye ba.

Malamin_Lahadi: Haka ne, bai janye ba. Ƙofar shiga ya canza, inda ya nufa bai canza ba. A nan muna tare.

Ɗalibin_Tauhidi: Iyayena, na yi wayar. Da na tafi yadda na yi niyya da na ji kunya. Ga abin da na samu.

Minti 30 ne, kuma da mai fassara, domin tsofaffi da yawa ba sa jin harshen da zan yi wa'azi da shi. Minti 30 ɗin ya haɗa da fassarar. Wani dattijo ne zai karanta nassin kafin in tashi, saboda haka suna son in turo shi kafin Alhamis. Ranar akwai Jibin Ubangiji bayan wa'azi, faston ne zai yi. Ba sa kiran mutane gaba, mai bukata yakan tsaya bayan an tashi. Suna cikin littafin Filibiyawa, ba su taɓa Luka 15 ba a bana.

Da na yi tambayar ƙarshe ya yi shiru kaɗan, sai ya gaya mini abu biyu. Na ɗaya, mako uku da suka wuce sun binne wani saurayi, shugaban matasansu, haɗarin mota. Iyayensa suna zuwa kowace Lahadi. Na biyu, ya ce akwai wasu dattawa biyu da suke ja da shi a kan aikin gini, kuma zai yi kyau in na ɗan taɓa maganar yi wa shugabanni biyayya, domin daga bakin baƙo za su fi ji. Na ce masa zan yi addu'a a kai. Yanzu kaina ya ƙara ɗaurewa.

Tafinta: Bari in ɗauki ɓangarena, na daɗe ina tsayawa kusa da masu wa'azi. Minti 30 da fassara ba minti 15 ne naka ba, ƙasa da haka ne. Mai fassara yakan ɗan fi ka tsawo, kuma tsakanin ka yi shiru da ya ɗauka akwai daƙiƙoƙi da ke tafiya a kowace jimla. Ka lissafa wa kanka minti 12 zuwa 13. Wa'azinka na minti 40 ke nan kashi ɗaya cikin uku ne kawai zai shiga. Ba za ka iya wannan da saurin magana ba, sai da almakashi. Ka zaɓi batu ɗaya da misali ɗaya, ka tsaya da agogo ka karanta da murya a ɗaki. In ya wuce minti 13 ka sake yankewa.

Sannan yadda kake gina jimla. Kowace jimla ta zama cikakkiya kafin ka tsaya. Abin da ya fi wahalar da mu shi ne mai wa'azi ya faɗi rabin magana ya juyo yana kallonka. Harsuna ba sa jera kalmomi iri ɗaya, wani lokaci ba zan iya fara tawa ba sai na ji ƙarshen taka. Ka bar wasa da kalmomi, irin batutuwa uku da duk suka fara da harafi ɗaya, wannan yana mutuwa a bakina. Karin magana ma, in za ka kawo, ka gaya mini tun kafin, in nemo wanda ya yi daidai da shi a nawa harshen.

Ka nemi lambar mai fassarar ta hannun fasto, ka tura masa jerin duk ayoyin da za ka ambata kwana biyu kafin ranar, don ya sa alama a Littafinsa ya karanta daga ciki maimakon ya fassara aya da ka. Ranar kuma ku zauna minti goma kafin a fara. Yadda za ka gane abu ya karkace: ka faɗi magana mai nauyi, ya fassara, ka ga mutane suna murmushi ko suna kallon juna. Kada ka ci gaba, ka sake faɗin ta da kalmomi masu sauƙi. Kuma jama'a za ka kalla, ba ni ba.

Baba_Rabaran: Maganar dattawan nan, ɗana, kada ka taɓa ta. Ba na zargin ɗan'uwana fasto, na san nauyin da yake ɗauke da shi, amma abin da ya roƙe ka zai cuce shi ya cuce ka. Karin Magana 18 aya 17 ta ce wanda ya fara kawo ƙara kamar shi ne mai gaskiya, sai ɗayan ya zo ya yi masa tambayoyi. Kai gefe ɗaya ka ji. Ba ka ga takardun ginin ba, ba ka san ko dattawan tambaya mai kyau suke yi ba.

Kuma jama'a ba yara ba ne. Baƙo da bai san sunan kowa ba ya hau ya fara maganar masu ja da shugaba, kowa zai gane an yi masa raɗa. Ina sabon fasto na yi wannan kuskuren daga ɗaya gefen. Na gaya wa wani baƙo damuwata da wani dattijo, shi kuwa ya hau ya kawo labarin Kora da Datan da Abiram. Ina zaune a bayansa ina kallon dattijon ya rufe Littafinsa a hankali ya ɗora hularsa a kai, bai sake ɗaga ido ba. Baƙon ya tafi da yamma. Ni na yi kusan shekara biyu kafin mutumin nan ya sake shiga ɗakina mu yi magana ta gaskiya.

Ka sake kiran faston ka ce masa: Baba, na yi tunani, in na taɓa wannan za a ce kai ka sa ni, kuma zai ƙara maka wuya. Zan riƙe shi a addu'a. Yawanci za su gode maka. Amfanin abin da ya gaya maka shi ne yanzu ka san inda ramin yake, ka cire duk wani misali na gini ko kuɗi ko kwamiti daga wa'azinka, ko da ba da nufi ka sa shi ba.

Dattijo_Mai_Haƙuri: Ranka ya daɗe, ni dattijo ne kuma na yarda kada a yi harbi daga mumbari. Amma ban yarda a ce baƙo ba ya taɓa komai ba. Akwai gaskiyar da bakin gida ya gaji da faɗa, sai baƙo ya zo ta shiga. Mun taɓa samun rabuwa, wani baƙo ya yi mana wa'azi a kan wanke ƙafafu a Yahaya 13, bai nuna kowa da yatsa ba, maganar ta kama fasto ta kama mu. Bayan sujada muka nemi gafarar juna. In nassin yana yanka kowane gefe daidai, ban ga laifi ba. Tunda suna cikin Filibiyawa ma, sura 2 tana nan, kowa ya ɗauki ɗan'uwansa ya fi shi.

Baba_Rabaran: Wannan baƙon naku, ya san da rigimar kafin ya zo?

Dattijo_Mai_Haƙuri: Daga baya ya ce bai sani ba. Shi ya sa muka karɓa, gaskiya. Amma da ya sani ma, ni dai ina ganin da na karɓa.

Mama_Zumunta: Kuna ta maganar dattawa kun bar iyayen yaron nan. Ɗana, ka buɗe Luka 15 ka karanta aya 24 da 32 da kunnen uwar da ta binne ɗanta mako uku da suka wuce. Uba yana cewa ɗana ya mutu ga shi ya rayu, a yanka ɗan maraƙi a yi murna. Ita nata bai dawo ba. Na rasa ɗa, na san yadda mutum yake zama a benci a makonnin nan, kowace kalma da ta shafi ɗa sai ta soke ka. Ba na cewa nassin bai dace ba har abada, amma a bakin baƙon da bai je ta'aziyya ba, a wata na farko, ni ba zan so ba.

In kuma za ka ambaci rasuwar, jimla ɗaya ta isa a farko: an gaya mini abin da ya same ku, ina taya ku baƙin ciki. Ka tambayi faston ko iyalin za su so a ambaci sunan, kuma ka koyi faɗin sunan daidai. Kada ka yi ƙoƙarin bayyana dalilin da ya sa Allah ya ɗauke shi. Ba ka san yaron ba. Abokan Ayuba sun zauna kwana bakwai ba su ce komai ba, da suka buɗe baki ne aka sami matsala.

Wutar_Bishara: Mama, Allah ya ƙara miki ta'aziyya. Amma ni ina ganin wannan ne ma lokacin Luka 15. Matasan nan sun ga abokinsu ya tafi farat ɗaya, zukatansu a buɗe suke. In ba a kira su su dawo gida yanzu ba, sai yaushe?

Mama_Zumunta: Fastonsu yana nan, shi ya binne yaron, shi ya san wanda ya shirya jin wannan. Kuma ka kula, in baƙo ya haɗa mutuwar yaron da ɗan da ya lalatar da dukiya, akwai wanda zai ji kamar ana cewa marigayin ne ɓataccen.

Malamin_Lahadi: Akwai hanya ta tsakiya. Sura 15 misalai uku ne, tunkiya da kuɗin azurfa da ɗa. Zai iya tsayawa a aya 1 zuwa 7, makiyayin da ya ɗauki tunkiya a kafaɗa. Gajere ne, zai shiga minti 13, kuma yawancin nazarin da ya riga ya yi a kan aya 1 da 2 yana nan. Sai dai ban tabbata ya kauce wa abin da Mama ta faɗa gaba ɗaya ba.

'Yar_Katikis: Tambaya gare ka Ɗalibi, ka tabbata ba sa bin jadawalin karatu? A wurinmu nassin kowace Lahadi a tsare yake, zagayen shekara uku, shekara ɗaya Matiyu, ɗaya Markus, ɗaya Luka, Yahaya kuma yana shigowa a wasu lokuta. Baƙo ba ya zuwa da nasa. Na ga ka ce suna cikin Filibiyawa, to wataƙila ba irin namu ba ne. Amma me zai hana ka tambaya inda suka tsaya ka ci gaba daga nan? Ba wanda zai ce an yi maka raɗa in layi ne ya kawo ka.

Ɗalibin_Tauhidi: Ba sa bin jadawali, 'yar'uwa, faston ne ya zaɓi littafin. Na tambaya, sun tsaya a ƙarshen sura 3. Abin da ke gaba shi ne sura 4, inda Bulus yake roƙon Afodiya da Sintiki su daidaita.

Baba_Rabaran: To ka bar masa wannan, nasa ne.

Dattijo_Mai_Haƙuri: Ni kuwa da na ce Allah ne ya jera shi haka. Amma na yi shiru, Baba ya fi ni sanin mumbari.

Sakataren_Ikilisiya: Ko wane nassi ka ɗauka, ka tuna teburin Ubangiji ne a bayanka. Wa'azin ya sauka a inda fasto zai ɗauka ya tafi teburin ba tare da ya sake wani wa'azi ba. Kuma ka tambaya tun yanzu ko baƙo daga wata ɗariƙa yana ci tare da su. Wasu suna buɗe wa duk mai baftisma, wasu 'yan ikilisiyarsu kaɗai. Gara ka sani a waya da a ce mai rabawa ya iso gabanka ya tsaya yana shakka a idon jama'a. Kada ka yi koyarwa a kan ma'anar gurasa da ƙoƙon, a nan ɗariƙu suka sha bamban.

Ranar ka isa da minti 45 a hannu. Ka tambayi inda za ka zauna, ta ina ake hawa, ana tsayawa don karatu ko ana zama. Ka gwada makirfon. Ka tambayi irin tufafin da mai wa'azi ke sawa tun kafin ka bar gida. Gaisuwa kuma ka taƙaita ta, na sha ganin minti biyar sun tafi a gode wa kwamiti ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan_Mawaƙa: Yanzu na gane tambayar. To ka tura wa shugaban mawaƙa nassin shi ma, ba dattijo mai karatu kaɗai ba. Mu ranar Alhamis ko Juma'a muke koyon waƙa. In mun san nassin za mu zaɓi wadda za ta bi bayan wa'azin. Kada ka zo da waƙar da ba su sani ba ka ce a tashi a rera, kai kaɗai za ka yi ta.

Ɗalibin_Tauhidi: Na gode ƙwarai, iyayena. Na sake kiran faston na faɗa masa yadda Baba ya ce a kan dattawan. Ya ɗan yi jim, ya ce ba komai, amma ban iya gane ko ya ji daɗi ba. Ɗan da ya ɓata na ajiye shi. Yanzu ina tsakanin Luka 15 aya 1 zuwa 7 da Luka 24, almajirai biyu a hanyar Imuwasu, waɗanda suke tafiya da baƙin ciki har suka gane shi wajen gutsuttsura gurasa. Na biyun ya fi kai ni teburin, amma ban taɓa yin wa'azi a kansa ba, kuma kwana tara ya rage. Mai fassarar ya amsa, za mu yi waya ranar Juma'a.

Tafinta: In Imuwasu ne, aya 13 zuwa 35 ke nan, aya 23, kuma za a karanta da harshe biyu. Ka tambaya ko wannan karatun yana cikin minti 30 ɗinka ko a waje.

Wutar_Bishara: Ni har yanzu tunkiyar nake goyon baya. Abin da ka riga ka dafa ya fi wanda za ka ɗora yanzu.

Mama_Zumunta: Ka tambayi faston wanne nassi aka karanta a jana'izar yaron kafin ka yanke.